"Ai da Hausa na rubuta": nazarin saƙon mai jego da na'ura ta jefa kwandon shirme

Ƙaramin asibitin haihuwar da na yi wa wannan aiki yana da lambar waya guda da ake ba kowace mai jego ranar sallama. Ana gaya mata in ta ga wani abu da bai kwanta mata ba, a jikinta ko a jikin jariri, ta turo tes. Da saƙonnin suka yi yawa, ungozoma biyu ba sa iya bin su ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar aikin safe, sai aka nemi in haɗa ƙaramar manhaja da za ta riƙa rarraba su gida uku: na gaggawa a sama, na tambayar yau da kullum a tsakiya, sai kwando na uku na abin da na'ura ba ta gane ba. A kwandon nan na uku ne tallace-tallacen kamfanonin waya da saƙon kuskure suke taruwa, shi ya sa ba a duba shi sai an tashi daga awo.

Wata safiya da ƙarfe 6:40 wannan saƙo ya shigo. Ƙanwar wata mai jego ce ta turo shi, kwana 9 da haihuwar yayarta. Ga shi yadda ya bayyana a allo:

```
Slm sista. Alhmdlh da sauki but bleeding din bai tsayaba since jiya da dare. Tayi changing din pad sau 6 kafin safe jiri take ji in ta mike. Pls me zamuyi? Jzk
```

Duk Bahaushen da ya saba da waya zai karanta shi a numfashi ɗaya. Jini ya ɓalle wa mai jego tun daren jiya, ta canza auduga sau 6 kafin gari ya waye, kuma in ta miƙe tsaye jiri na ɗibarta. Wannan ba jinin biƙi ba ne da ke raguwa a hankali. Zubar jini mai yawa da ke zuwa bayan awa 24 da haihuwa, har zuwa mako 12, abu ne da ungozoma ke jin tsoro, domin sau da yawa ragowar mabiyiya ce ta maƙale a mahaifa ko kuma ƙwayar cuta ta shiga. In jiri ya haɗu da ita, alama ce jinin da ya fita ya fara yi wa jiki yawa.

Manhajata ta tura saƙon kwando na uku. Ta kuma aika amsar da na tanada da hannuna: "Ba mu fahimci saƙonki ba, ki sake turowa da Hausa ko da Turanci." Sai ƙarfe 12:15 babbar ungozoma ta buɗe kwandon, bayan awa 5 da minti 35. Nan take ta kira lambar, ta ce a kawo mai jegon yanzu, kada a jira maigidan ya dawo. An tura ta babban asibiti, aka wanke mahaifar, aka yi mata ƙarin jini. Allah ya yi da sauran kwana, ta tashi.

Da ungozomar ta tambayi yarinyar me ya sa ba ta sake turo saƙo ba, ko ta kira, sai ta ce: "Sista, ai da Hausa na rubuta. Da aka ce in sake rubutawa da Hausa sai na rasa yadda zan yi, na ɗauka ko ba ku buɗe aiki ba ne." Maganar nan ita ce ta zame mini mabuɗin duk binciken da na yi daga baya, domin gaskiya ta faɗa.

Yadda na'urar ta ƙirga

Matakin farko a manhajar shi ne gane harshen saƙo, domin ma'aunin gaggawa biyu nake da su, ɗaya na Hausa ɗaya na Turanci. Ban yi amfani da sanannun kayan gane harshe ba, kuma da dalili. Samfurin `lid.176` na `fastText` ya san harsuna 176, amma babu Hausa a cikinsu. Haka `langdetect`, mai harsuna 55. Kayan da bai san Hausa ba ba zai ce maka bai sani ba, zai zaɓi ɗaya ne daga cikin harsunan da ke jerinsa ya manna wa saƙon. Akwai waɗanda suka san Hausa, irin su `CLD3`, sai dai su ma sun fi ƙarfi a kan dogon rubutu, ga shi tes gajere ne. Don haka na yi abin da na ɗauka ya fi sauƙi. Na tanadi jerin kalmomin Turanci, da jerin kalmomin Hausa da na tsamo daga rubutun labarai masu bin ƙa'idar rubutu. Kowace kalma a fara nemanta a jerin Turanci, in babu a duba na Hausa, in babu a sa ta cikin waɗanda ba a sani ba. Harshen da ya kai kashi 60 cikin 100 shi ne harshen saƙon. In babu wanda ya kai, saƙon ya tafi kwando na uku.

Saƙon yarinyar yana da kalmomi 31, ban da lambar 6. Na'urar ta ƙirga 13 a matsayin Turanci, 10 Hausa, 8 ba ta san su ba. Wato kashi 42, da 32, da 26. Babu wanda ya ko kusanci 60.

Da na zauna na ƙirga da idona sai lissafin ya juye. Kalmomin Turanci na gaskiya 6 ne kacal: `but`, `bleeding`, `since`, `changing`, `pad`, da `Pls`. Na Larabci 3 ne, duk a taƙaice: `Slm` sallama, `Alhmdlh` hamdala, `Jzk` kuma addu'ar Allah ya saka da alheri. Sauran 22 Hausa ce, kashi 71 cikin 100. Da an ƙirga daidai, saƙon ya haye ma'aunin har da rara.

To ina aka samo Turanci 13? Biyar na gaskiya ne, domin `Pls` ba ta cikin jerin. Sauran 8 kuwa Hausa ce tsantsa da ta yi kama da Turanci a rubuce: `dare`, `safe`, `take`, `in`, `me`, `mike`, sai `din` sau biyu. Kowace a cikinsu kalma ce a ƙamus na Turanci. Na san da `in` da `me` tun farko, na ɗauka ba su isa su karkatar da lissafi ba. Ban taɓa zama na ƙirga yawan irinsu ba. Akwai `so`, `to`, `an`, `a`, `sun`, `can`, `ban`, `bar`, `man`, `sake`, `game`, `rage`. Ba kalmomin gefe ba ne, su ne jijiyoyin jimlar Hausa, da wuya ka rubuta layi biyu ba ka taka ɗaya ba. Tunda na sa a fara duba jerin Turanci, duk inda aka yi kunnen doki Turanci ke cinyewa.

Biyu daga cikinsu, `din` da `mike`, sun faɗa Turanci ne don ƙugiya ta ɓace. Ɗin ne da miƙe. Ita ma `sauki` rashin ƙugiyar ne ya hana a same ta a jerin Hausa, inda take zaune a matsayin sauƙi. A nan ya kamata a tsaya, domin mutane da yawa na ɗaukar rubutu babu ƙugiya a matsayin sakaci ko ƙarancin karatu. Tes na gargajiya yana ɗaukar haruffa 160 muddin duk haruffan suna cikin jerin `GSM-7`. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin wannan jeri. Da zarar ɗaya ta shiga, waya za ta koma tsarin `UCS-2`, wanda tes ɗaya ke ɗaukar haruffa 70, in kuma saƙon ya rabu kowane yanki 67. Saƙon yarinyar nan haruffa 159 ne har da sarari da alamomi, saura ɗaya ya cika tes guda. Da ta sa ƙugiya ko sau ɗaya, da ya koma tes uku, kuɗinsa ya ninka sau uku. Wataƙila ba ta san wannan lissafi ba, wataƙila ma wayarta ba ta da haruffan. Amma ɗabi'ar rubutun da ta gada daga masu tura tes ta ginu ne a kan wannan matsi, kuma daga nan taƙaice sallama da manne kalmomi suka samu gindin zama.

Mannewar ce ta haifar da `tsayaba` da `zamuyi`, waɗanda babu su a kowane jeri. `Tayi` kuwa an same ta a jerin Hausa, amma bisa kuskure, domin akwai tayi na ciniki da kuma ɗan tayi. Na'urar ta ci maki ne a kan kalmar da ba ita ake nufi ba.

Jimla ɗaya, nahawu ɗaya

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kalmomin Turancin suka zauna. Ba a watse suke ba. Dubi `bleeding din`. Hausa na nuna abin da aka riga aka sani da -n ko -r a ƙarshen suna: jinin, rigar. In kalma baƙuwa ce, musamman mai ƙarewa da baƙi, ba ta karɓar wannan ɗafi cikin sauƙi, sai a kawo ɗin ya tsaya a bayanta. Yarinyar ta bi wannan ƙa'ida daidai. Sannan ta ce `bai tsayaba`, ba ta ce ba ta tsaya ba, wato ta ba kalmar Turancin jinsin namiji, kamar jinin da take wakilta.

Dubi kuma `Tayi changing din pad`. Bahaushe ba ya ɗaukar aikatau na Turanci ya jera shi kai tsaye bayan wakilin suna. Yakan kawo yi ya ɗora mata nauyin lokaci da mai aikatawa, sannan kalmar Turancin ta biyo da siffarta mai `-ing` a matsayin suna, ɗin kuma ya haɗa ta da abin da aikin ya faɗa wa. Ginin ɗaya ne da na "ta yi wankin kaya". Ka saurari ɗalibai ko ma'aikata a ko'ina a Arewa, haka za ka ji suna yi ba tare da wani ya koya musu ba. A Nijar, inda Faransanci ke zaune a gurbin Turanci, yi ɗin nan dai ita ke ɗaukar kayan.

Masaniyar harshe Carol Myers-Scotton ta bayyana wannan tsari a 1993. A taƙaice, in harsuna biyu suka haɗu cikin jimla guda, ɗaya ne ke shimfiɗa tsarin jimlar, ya ba da jerin kalmomi da ƙananan kalmomin nahawu, ɗayan kuma ya sako kalmomi a guraben da aka buɗe masa. A saƙon nan Hausa ce mai gida. Lokaci nata ne, korewa tata ce, wakilan suna nata ne. `but` da `since` su ne kaɗai suka shigo a matsayin mahaɗai, kuma sun zauna daidai inda amma da tun za su zauna.

Me ya sa ta zaɓi `bleeding` da `pad` alhali tana da jini da auduga? Ina ganin dalilai biyu ne suka haɗu. Da waɗannan kalmomi ake magana a ɗakin awo, su take ji a bakin ma'aikata, don haka in za ta yi wa sista magana da su za ta yi. Na biyu kuma kunya. Budurwa ce ke ba da labarin jikin yayarta, kalmar Turancin na ba ta ɗan mayafi da za ta faɗi abin ba tare da ta ji nauyinsa a baki ba. Ma'anar wannan ga mai haɗa manhaja babba ce: a irin waɗannan saƙonni, wurin da aka sauya harshe sau da yawa shi ne wurin da ciwon yake.

Sai Larabcin. A nan ma akwai rabe-rabe da na'ura ba ta san da su ba. Lafiya, lokaci, labari, allura, duk daga Larabci suka zo, amma sun daɗe da zama Hausa, kamar yadda asibiti da likita suka zo daga Turanci suka zauna. Babu mai jin ya sauya harshe in ya faɗe su. Hamdala da sallama kuma suna tsakani: lafazinsu Larabci ne, aikinsu a magana na Hausa ne. Bahaushe ba ya buɗe baki da ƙorafi. In ka tambayi majinyacin da ke kwance ya jiki, zai ce alhamdu lillahi, da sauƙi, ko da ciwon ya tsananta. Ladabi ne da tawakkali, ba rahoton lafiya ba ne. Labarin gaskiya yana zuwa ne bayan amma. A saƙon nan kuwa amma ɗin da Turanci ta zo.

Wannan ne ya sa gyaran farko da ya zo mini ya zama haɗari. Na ce bari in sauke ma'aunin daga 60 zuwa 40, kwando na uku ya ragu. Na gwada da saƙon yarinyar. Da kashi 42 ya tafi ɓangaren Turanci, inda ma'aunin gaggawa ke ƙara maki in ya ga kalmar haɗari, ya rage in ya ga kalmar kwantar da hankali. Ya ga `bleeding` ya ƙara, ya ga `safe` ya rage, domin a Turanci ma'anarta babu haɗari. Saƙon ya sauka a tsakiya, cikin tambayoyin ranar rigakafi. Sai na tilasta shi ya bi ɓangaren Hausa bayan na mayar da ƙugiyoyi. A can ma'aunin bai san `bleeding` ba, ya ga sauƙi ya rage maki, ya ga jiri ya ƙara, korewar da ke cikin `bai tsayaba` kuma ta wuce shi, domin yana neman ba ta biyu a ware ne. Nan ma tsakiya. Kwando na uku aƙalla yana faɗin gaskiya cewa ba a gane ba. Waɗannan biyun suna ba da amsa da ƙarfin gwiwa, kuma amsar kuskure ce.

Abin da muka canza

Gyaran da ya fi kowanne amfani ba na fasaha ba ne, kuma babbar ungozomar ce ta kawo shi. Ta ce da ni: "Malam, in ɗalibata ta ce ba ta gane abin da mara lafiya ke faɗa ba, kirana take yi, ba ajiye ta take yi a benci ba." Daga ranar duk saƙon da ya fito daga lambar da ke cikin rajistar masu jego, in na'ura ba ta gane shi ba, sama yake hawa tare da na gaggawa. Tallace-tallace ana tace su ne ta lambar da ta turo, ba ta harshe ba. Amsar nan ta "ki sake turowa da Hausa" kuma na goge ta gaba ɗaya. A gurbinta akwai wadda ke cewa saƙo ya iso, in jini ne ko jijjiga ko suma a taho asibiti yanzu ba sai an jira amsa ba.

Bayan haka na cire tambayar "wane harshe ne wannan saƙo" daga bakin ƙofa. Yanzu abin da ake fara nema shi ne alamun haɗari, cikin jeri guda da ya haɗa kowane harshe da kowane salon rubutu. Ungozomomin ne suka cika shi daga tsofaffin saƙonni, domin su suka san yadda mata ke faɗin abu: jini da `bleeding` da `blding` layi ɗaya, zazzaɓi da `zazzabi` da `fever` layi ɗaya, haka jijjiga, suma, wari, ciwon kai, kumburi.

Kafin a nema, ana daidaita rubutun saƙon da na jerin duka biyu, ta hanyar sauke ƙugiya:

```python
KUGIYA = str.maketrans("ƙɗɓƴ", "kdby")
kalma = kalma.lower().translate(KUGIYA)
```

Dole a yi shi da hannu haka. Dabarar da aka saba ta `NFD`, wadda ke raba harafi da alamar da ke kansa a harsuna irin su Faransanci, ba ta taɓa waɗannan, domin a `Unicode`, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a na'ura, ƙ harafi ne mai zaman kansa, `U+0199`, ba k ce da aka ɗora wa wani abu ba. Sai kuma a kula da masu rubuta `sauqi` da masu rubuta `sauk'i`, duk a mayar da su wuri ɗaya.

Sauke ƙugiya yana da farashi, kuma a asibitin haihuwa farashin ya fito fili a kalma guda: ɓari da bari. In aka sauke ƙugiya sun zama ɗaya. Makon farko duk wadda ta rubuta "bari in tambaya" sai saƙonta ya hau sama da jan launi. Ba mu cire kalmar ba, mun sa a dubi maƙwabtanta. In ta biyo bayan yi ko samu, ko ciki ya biyo ta, ɓari ce. In wakilin suna irin su in, mu, na ya biyo ta, bari ce. In ba a tabbatar ba, a ɗauke ta a matsayin ɓari, ungozoma ta duba.

Raba mannannun kalmomi ya fi wannan wuya. Korewar Hausa ƙafa biyu gare ta, ɗaya a gaba ɗaya a baya: bai tsaya ba, ba ta ci ba, ban gani ba. Ta bayan ce ake yawan mannewa. Sai dai ba za ka ce a yanke duk `ba` da ke ƙarshen kalma ba, domin zuba, duba, raba da gaba duk da ita suka ƙare, kuma zuba ita ce kalmar da ta fi kowace muhimmanci a maganar jini. Gwajin farko da na yi ya mayar da "jini yana zuba" ya zama korewa. Ƙa'idar da ta tsaya ita ce sharaɗi biyu a tare: a samu ƙafar farko ta korewa a baya cikin jimlar, sannan abin da ya rage bayan yankan ya zama sananniyar kalma. `tsayaba` ta cika duka biyun, akwai bai a bayanta, tsaya kuma kalma ce. Ko da hakan, ban yarda korewa ta sauke saƙo daga sama ba. "Jinin ya tsaya" da "jinin bai tsaya ba" duk suna zuwa gaban ungozoma, bambancin kawai wanne ke gaba.

Kalmomi masu fuska biyu su ma maƙwabta ke yanke musu hukunci. `dare` bayan da, `safe` bayan da ko kafin, `take` tsakanin suna da aikatau na Hausa, duk Hausa ne. Wannan shi ne abin da masu bincike ke yi in suna lakanta harshe kalma bayan kalma, wato manna wa kowace kalma sunan harshenta, maimakon saƙo sukutum, kuma yana buƙatar misalai da mutane suka lakanta da hannu. Irin wannan rubutu na yau da kullum shi ne ya yi ƙaranci a abin da ake horar da na'urori da shi, domin yawancin Hausar da aka tara ta labarai ce da littattafan addini, mai tsabta da ƙugiya. Aikin `NaijaSenti` na 2022, wanda ya tattara gajerun rubuce-rubucen kafar sada zumunta cikin Hausa, Ibo, Yarbanci da Turancin buroka, yana cikin waɗanda suka fara cike giɓin. Amma hirar siyasa da ƙwallo daban take da maganar mai jego, don haka namu misalan muka lakanta, bayan an goge sunaye da lambobi.

A wajen lakantawar mun yi gardama a kan `sista`. Ɗaya ta ce Turanci ce, ɗaya ta ce kakarta da ba ta taɓa shiga aji ba ma haka take kiran ma'aikaciyar jinya. Mun tsaya a kan cewa duk kalmar da wanda bai ji Turanci ba zai faɗa ba tare da ya ji baƙunta ba, Hausa ce.

Kalmomin addini ne suka fi buƙatar hannu mai taushi. Na so in share su duka kafin a auna saƙo, tunda hamdala ce ke ruɗa ma'auni. Ungozomomin suka hana, kuma sun fi ni gaskiya. Sallama, hamdala, da sauƙi, da godiyar ƙarshe ba sa ƙara maki ba sa ragewa, an mayar da su sifili. Amma saƙon da ya buɗe da innalillahi, ko da a taƙaice aka rubuta, mutuwa ce ko wata babbar musiba, sama yake tafiya ko babu wata kalmar haɗari a ciki. Subhanallahi da hasbunallahu a farkon saƙo su ma firgici suke nunawa. Larabcin da na'ura ke gani iri ɗaya, a kunnen mai jin Hausa wani gaisuwa ne wani kuma kururuwa.

Da aka sake saka saƙon yarinyar bayan duk wannan, `bleeding` da jiri sun kama, korewar tsaya ta kama, hamdala da sauƙi ba su rage komai ba. Ya hau layin farko.

Akwai saƙon da har yanzu babu ƙa'idar da ke kama shi. Mai jego ta rubuto `Alhmdlh da sauki` kawai, ta yi shiru. Wani lokaci sauƙin ne da gaske. Wani lokaci kuma amma ɗin ce ba ta iya rubutawa ba, don wayar ta maigida ce, ko uwar miji na zaune kusa. Na'ura ba ta da abin kamawa a kalmomi uku, kuma ba na son in koya mata zato. Abin da muka yi shi ne haɗa saƙon da rajista: in mai lambar tana cikin mako 6 na farko bayan haihuwa, kuma ba amsar tambayarmu take bayarwa ba, ita ce ta fara turowa da kanta, to sunanta na shiga jerin waɗanda za a kira kafin azahar. Ungozomar takan fara da gaisuwa da barka, ta tambayi jariri, sannan ta ce: "Ke kaɗai ce a ɗakin? To gaya mini, jinin fa?"